Na'ura biyu, adireshi ɗaya: katsewar intanet da ba laifin kamfanin layi ba ne

Akwai wata irin katsewar intanet da ke sa mutanen gida su yi ta zagin kamfanin layi, alhali kamfanin bai san hawa ba bai san sauka ba. Alamar wayifai cike take, data ba ta ƙare ba, yara suna can ɗaki suna kallon bidiyo a wayoyinsu lafiya ƙalau. Amma kwamfutar maigida ta ƙi buɗe shafi. In ta buɗe rabi sai ta tsaya, ta dawo na ɗan lokaci, ta sake ɗaukewa. A daidai wannan lokacin kuma hoton kyamarorin tsaro ya daina zuwa waya. Na'urori biyu da ba abin da ya haɗa su, ɗaya a falo ɗaya a saman kabad, sun kwanta ciwo tare, sauran na'urorin gidan kuwa ko a jikinsu.

Idan aka ga haka, abin da ya kamata a fara zargi shi ne na'urorin biyu suna amsa lamba ɗaya. Masu gyara suna kiran abin rigimar adireshin IP. Ana iya gano ta cikin 'yan mintoci, a kuma kashe ta har abada, amma sai an fahimci wane ne ke raba lambobin a gidan, da yadda aka yi har ya raba ɗaya sau biyu.

Kowace na'ura da ta hau netwok ɗin gida tana da suna biyu. Na farko shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta, ana ce masa adireshin MAC. Haruffa ne da lambobi goma sha biyu, an jera su bibbiyu, kuma galibi ana samun sa a rubuce a takardar da ke manne a ƙasan na'urar. Na biyu shi ne adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar `192.168.1.108`, kowace ba ta wuce 255 ba. Wannan na biyun ba na gado ba ne, ba ta shi ake yi idan ta shigo gidan. Lambobin da suka fara da 192.168 an ware su ne musamman don amfanin cikin gida da ofis, shi ya sa za ka tarar da `192.168.1.108` a gidanka, maƙwabcinka ma yana da ita a nasa, ba wanda ya tsare wa wani hanya. Kowane gida rautarsa ce ke fita da saƙonninsa waje da wani adireshi dabam. Rigima tana tasowa ne kawai idan lambar ta maimaitu a ƙarƙashin rauta ɗaya.

Dalilin da maimaituwar ke zama bala'i yana cikin yadda rauta ke miƙa saƙo. Saƙon da ya shigo daga waje, idan rauta ta karɓa, abin da ta sani shi ne na mai lamba kaza ne. Amma a kan waya ko a iska, ba ta iya miƙa shi sai da adireshin MAC. Don haka sai ta yi tambaya da ƙarfi, kowa a gidan ya ji: wa ke da `192.168.1.108`? Mai lambar ya amsa da adireshinsa na MAC, rauta ta rubuta a wani ɗan jadawali da take ajiyewa, lamba kaza ta wane ce. Wannan tsarin tambaya da amsa sunansa ARP, kuma tsoho ne ƙwarai: David Plummer ne ya rubuta ƙa'idarsa a 1982, lokacin da masu haɗa kwamfutoci 'yan kaɗan ne kuma sun yarda da juna. Ba a sa masa hanyar tantance gaskiyar mai amsa ba. Duk wanda ya ce shi ne, shi ne.

Kamar baƙo ne ya tsaya a zaure ya aiki yaro ciki ya ce ana sallama da Audu, alhali gidan akwai Audu biyu. Wanda ya riga fitowa shi ake damƙa wa saƙon, ko nasa ne ko na takwaransa.

Jadawalin rauta layi ɗaya yake ba kowace lamba. Idan na'ura biyu suka amsa, wadda ta yi magana a ƙarshe ita ke goge sunan 'yar'uwarta. Kwamfuta ta nemi shafi, buƙatarta ta fita lafiya, amma kafin amsa ta dawo ɗaya na'urar ta yi magana, jadawali ya juya, amsar ta tafi inda ba a neme ta ba. Wadda ta karɓi saƙon da ba ta san da shi ba tana iya watsar da shi shiru. Tana kuma iya yin abin da ya fi wannan ɓarna, wato ta mayar wa mai aikowa cewa ba ta san da wannan zance ba, a rufe shi. Shi kuwa na can nesa, da yake lambar da ya sani ce ta yi magana, sai ya rufe. Wannan ne ke sa saukar da fayil ya yanke a tsakiya. Can an jima kwamfuta ta sake magana, jadawali ya juyo gare ta, ita ta samu, ɗayar ta rasa. Haka za su yi ta ƙwace da ƙwace, ba wadda ke morewa.

Wa ke raba lambobin?

A gidaje rauta ce ke wannan aiki, ta wani tsari mai suna DHCP, wanda ƙa'idarsa da ake bi har yau Ralph Droms ya fitar a 1997. Sabuwar waya ta shigo ta yi cigiyar mai ba da lamba, rauta ta yi mata tayin ɗaya, wayar ta ce ta karɓa, rauta ta tabbatar ta rubuta a littafinta. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe game da wannan rabo. Na ɗaya, aro ne mai wa'adi, ba kyauta ba. Wasu rautocin suna ba da awa biyu, wasu sha biyu, wasu yini da kwana. Idan rabin wa'adin ya wuce, na'urar ta koma ta nemi a sabunta mata. Idan ba ta dawo ba har ya cika, rauta tana da 'yancin ba wani lambar. Na biyu, rauta ba daga ko'ina take ɗebo lamba ba. Akwai zangon da aka iyakance mata, misali daga 100 zuwa 199, kuma duk lambar da ke cikin zangon nan da ba ta gani a littafinta ba, a wurinta fanko ce.

To amma ba kowace na'ura ke zuwa neman aro ba. Ana iya shiga saitin na'ura a rubuta mata lamba da hannu, a ce ke ce kaza daga yau. Ana yi wa firinta haka, da rakodar kyamarorin tsaro, don kada lambarsu ta riƙa sauyawa a rasa inda suke. Wasu ma da tsayayyiyar lamba suke fitowa daga kwali: kayan kyamara na Dahua an san su da `192.168.1.108`, na Hikvision da `192.168.1.64`. Wannan ba aibi ba ne, an yi ne don mai haɗawa ya san inda zai same su ranar farko, ya sauya. Matsalar ita ce na'urar da aka rubuta wa lamba da hannu ba ta zuwa ta gaya wa mai littafi. Yanzu gidan yana da masu rabo biyu, rauta da hannun mutum, kuma ba wanda ya san abin da ɗayan ya yi.

Mu ɗauki gida guda mu bi shi daki-daki. Rauta tana `192.168.1.1`, zangonta daga 100 zuwa 199, kuma irin mai rabo a jere ce, ta ba na farko 100, na biyu 101, haka. Mai haɗa kyamara ya zo ya jona rakoda da waya, ya bar ta a kan 108, ya gwada hoto ya fito, aka sallame shi. Na'urorin da ke neman aro a gidan shida ne: wayoyi huɗu, talabijin da kwamfuta. Lambobinsu ba sa wuce 105. Wata da watanni ba abin da ya faru, domin rabo bai taɓa hawa ya kai 108 ba.

Sai ranar suna. Gida ya cika, duk wanda ya zauna sai ya nemi lambar sirrin wayifai. Aka ɗauke wuta tun hantsi. Rauta tana kan ƙaramin batir, don haka tana aiki. Rakoda kuwa a soket ɗin bango take, ta mutu. Baƙi suka hau, wayoyin gida da na baƙi suka cinye 100 zuwa 107, lambobi takwas ke nan. Maigida ya buɗe kwamfutarsa da ta kwana biyu a rufe, wa'adin tsohuwar lambarta ya cika har an ba wani. Ita ce ta tara a layi, sai aka ba ta 108.

A nan akwai matakan kariya biyu, kuma duka an bi su. Ƙa'idar DHCP ta shawarci rauta ta ƙwanƙwasa lambar kafin ta bayar, ko akwai mai amsawa. Ita ma na'urar da aka ba, ana so ta bincika da kanta. Stuart Cheshire na kamfanin Apple ya tsara yadda za a yi wannan binciken a wata ƙa'ida ta 2008: na'ura ta tambaya sau uku, da tazarar daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ko akwai mai wannan lamba, in an amsa ta mayar wa rauta ta nemi wata, in ba a amsa ba ta yi shela cewa ta zama tata. Kwamfutar maigida ta tambaya sau uku. Shiru, domin mai lambar tana kashe. Duk binciken nan ba ya ganin na'urar da ba ta da wuta, kuma a garuruwanmu, inda rabin kayan gida ke kan inbata rabi na jiran wutar gari, wannan gibin a buɗe yake kusan kullum.

La'asar aka kawo wuta. Rakoda ta tashi da lambar da aka dasa mata. Yawancin ƙananan na'urori irinta ba su da wata lambar da za su koma, kuma ba su da allon da za su yi ƙorafi a kai, sai kawai ta ci gaba da amsa 108. Kwamfuta ma ta ce tata ce, rauta ce ta ba ta. Ƙa'idar Cheshire ta yarda mai lamba ya kare ta da shela guda, idan kuma aka sake yi masa jayayya cikin daƙiƙa goma ya saki. Sai dai ta kuma bar ƙofa ga na'urar da aka saita ta riƙe lambarta ko ana ha-maza-ha-mata. Saboda haka wani lokaci ɗaya ta janye rigima ta mutu da kanta, wani lokaci kuma a wuni ana yi.

Baƙi suka watse, wani ya zare rauta ya mayar, kwamfuta ta samu 103, komai ya daidaita. Kowa ya ce ai netwok ne ya yi nauyi saboda taro. Rakoda tana nan a 108, tana jiran taro na gaba.

Akwai wasu hanyoyin da ke kai wa ga wannan rami ko ba a rubuta wa kowa lamba da hannu ba. Rautoci da yawa suna ajiye littafin aro ne a ƙwaƙwalwar da ke gogewa idan wuta ta yanke. Rauta ta farfaɗo ba ta tuna wa ta ba me ba, alhali wata na'ura mai batir tana riƙe da lambarta tana ganin wa'adinta bai cika ba. Yawanci binciken da aka ambata yana kama wannan, sai dai in na'urar tana barci a lokacin. Wani lokacin kuma laifin manhajar na'urar ne. A 2010, da iPad ya fito, ma'aikatan netwok na Jami'ar Princeton da ke Amurka sun ba da rahoton cewa wasu daga cikinsu suna ci gaba da amfani da lamba bayan wa'adin aronta ya cika, ba tare da sun sabunta ba, har jami'ar ta riƙa toshe waɗanda suka maimaita.

Wadda ta fi yawa a manyan gidaje ita ce ta rauta ta biyu. Wayifai ba ya kai wa sashen baya, sai a ja waya a jona wata tsohuwar rauta can. Idan aka soka wayar a ɗaya daga ramukan `LAN` nata ba a kashe mata DHCP ba, gidan ya samu masu littafi biyu, kowa yana rabo daga zango iri ɗaya. Idan kuma dukansu sun fito da `192.168.1.1` a matsayin lambar kansu, to rigimar ta koma kan ƙofar fita ce, kuma ba na'ura biyu za su sha wahala ba, gidan ne gaba ɗaya.

Yadda ake kama mai laifi

Gwajin farko ba ya buƙatar ilimin komai. A kashe ɗaya daga cikin na'urorin biyu da ake zargi, a jira minti ɗaya ko biyu. Idan ɗayar ta warke sarai, aka kunna ta farkon ciwo ya dawo, an kusa gama shari'a. Ƙarewar data ko raunin layi ba sa zaɓen na'ura biyu su bar saura, kuma ba sa warkewa don an kashe firinta.

Kwamfuta kan faɗa da bakinta. Wasu nau'o'in Windows suna fito da `Windows has detected an IP address conflict`, Mac kuma yana cewa `Another device on the network is using your computer's IP address`. Ko saƙon bai fito ba, a Windows a buɗe `Command Prompt` a rubuta:

```
ipconfig /all
```

A duba layin `IPv4 Address`. Lafiyayyen adireshi yana da `Preferred` a gefensa, wanda aka samu wani na riƙe da shi kuma `Duplicate`. Idan aka ga lambar da ta fara da `169.254`, ma'anarta kwamfutar ta rasa lambar da za ta yi aiki da ita, ta ƙirƙiro wa kanta ta wucin gadi, wadda ba ta fita intanet. Wannan kaɗai bai tabbatar da rigima ba, domin rauta da ta daina rabo ma tana jawo shi, amma in ya zo tare da `Duplicate` babu sauran shakka. Windows har sunan abokin rigimar yake rubutawa: a cikin `Event Viewer`, ƙarƙashin `System`, a nemi rahoto mai lamba 4199 daga `Tcpip`, za a ga adireshin MAC na ɗaya na'urar.

Idan masu rigimar duka ba su da allo, sai a nemo kwamfuta ta uku a yi wa lambar tambaya. Umarnin farko yana buƙatar a buɗe `Command Prompt` da izinin mai gudanarwa:

```
arp -d *
ping 192.168.1.108
arp -a
```

Na farko yana goge jadawalin kwamfutar, na biyu yana tilasta ta sake tambaya, na uku yana nuna wanda ya amsa. Ko `ping` bai samu amsa ba kada a damu, kwamfutoci da yawa suna yin biris da shi, amma ba sa iya yin biris da tambayar ARP. A maimaita sau da yawa, ana duba layin lambar. A gidan misalinmu za a ga abu kamar haka, a zagaye biyu dabam:

```
192.168.1.108   a0-b1-c2-11-22-33   dynamic
192.168.1.108   5c-d4-e5-44-55-66   dynamic
```

Lamba ɗaya, MAC biyu. Wani lokaci na'ura ɗaya ce ke rigan amsawa kullum, sai an zare ta sannan ta biyun ta bayyana. Daga nan sai a bi na'urorin gida ana duba takardun da ke jikinsu. Rabin farko na adireshin MAC yana nuna kamfanin da ya ƙera, don haka ko shi kaɗai yana rage nema. Wayoyin zamani ne ke ba da wahala a nan: tun daga Android 10 da iOS 14 suna ɓoye MAC ɗinsu na asali su ƙirƙiri wani don kowane wayifai. Ana gane ƙirƙirarre da harafinsa na biyu, wanda ke zama 2, 6, A ko E. In ka ga haka, daina leƙa ƙasan firinta, tafi saitin wayifai na wayoyin gidan.

Wani abu da ke ruɗa mutane: shafin rauta da ke jera na'urorin da ta ba aro ba lalle ya nuna rakoda ba, tunda ba ta taɓa neman aro ba. Rashin ganinta a jerin ba wanke ta ba ne, shi ne ma hujja a kanta.

Magani na gaggawa shi ne a sa kwamfuta ta saki lambar ta nemi wata, da `ipconfig /release` sannan `ipconfig /renew`, ko a waya a kashe wayifai a kunna. Yana iya aiki, yana kuma iya dawo da lambar nan dai, domin rauta tana son mayar wa kowa abin da ya saba riƙewa. Ni ban ɗauki wannan ko zare rauta a matsayin gyara ba. Sake rabo ne kawai, da fatan wannan karon ba za a faɗa kan 108 ba.

Gyara na gaskiya hanya biyu ce. Ta farko, a fitar da tsayayyiyar lambar daga zangon rabo. A shiga shafin rauta, a duba inda zangon ya fara da inda ya ƙare, sannan a mayar da rakoda wata lamba a wajensa, misali `192.168.1.20`, a tabbatar `Gateway` ɗinta yana nan `192.168.1.1`. Idan taɓa rakodar zai ɓata wasu saituna, kamar manhajar kallo da aka riga aka nuna wa 108, sai a matsar da zangon maimakon haka, ya fara daga 110. Amma a lura, rautoci da dama zangonsu yana farawa tun daga 2 har 254, wato ba wata lamba a waje sai an rage shi da hannu. Mai kayan da ke kan 64 da ke ganin ya tsira don yana ƙasa da 100, ya fara dubawa.

Ta biyu ita na fi so, domin tana mayar da rabo hannu ɗaya. A sa rakoda ta koma neman aro kamar kowa, sannan a gaya wa rauta ta keɓe mata lamba: duk ranar da mai MAC kaza ya zo, a ba shi kaza, kada a ba kowa ita. A shafin rauta ana samun wannan da suna kamar `Address Reservation` ko `Static Lease`. Na'urar ta samu lambar da ba ta sauyawa, kuma ko tana kashe wata guda rauta ta san da ita. Iyakar wannan hanya ita ce keɓewar tana zaune a cikin rautar: ranar da aka danna mata `Reset` ko aka sayo sabuwa, sai an sake shigar da komai, don haka a rubuta lambobin da MAC ɗinsu a takarda a manna a bayan rauta. Haka kuma keɓe wa waya lamba ba ya ɗorewa idan ta sauya ƙirƙirarren MAC ɗinta, sai an kashe mata wannan saitin a kan wayifai na gida.

Ita kuwa rauta ta biyu, kafin a jona ta da ta farko, a haɗa ta da kwamfuta ita kaɗai, a kashe mata DHCP, a sauya lambarta zuwa wadda ba kowa a kai kuma take wajen zango, kamar `192.168.1.2`. Sababbi da yawa suna da zaɓin `Access Point` da ke yin yawancin wannan da dannawa ɗaya. Bayan an jona, a kashe wayifai a kunna a kowace na'ura da ke sashen bayan, domin waɗanda suka karɓi aro daga tsohuwar mai rabon za su ci gaba da riƙe shi har wa'adinsa ya cika.